Kallo ya ƙaru, awanni sun ragu: alƙaluman tasha za ka tambaya, ko masu kallo?

Mai tasha a YouTube ya sauya salo, ya gajarta bidiyo, ya sa kiɗa a ƙasa, ya canza hoton bango, wato hoton da ake gani kafin a danna bidiyo, bayan wata guda ya buɗe YouTube Studio, manhajar da ke nuna wa mai tasha alƙaluman bidiyoyinsa, ya ga lambobi sun motsa. Wasu sun yi sama, wasu sun yi ƙasa. Daga nan gardama ke farawa. Mai tace bidiyon yana cewa sabon salo ya ci, mai tashar yana cewa tsofaffin mutanensa sun guje shi, kuma kowa yana da lambar da zai nuna. Mu da muke aikin tace bidiyo a wajajen Zoo Road mun saba da wannan zaman. Abin da za a zaɓa a nan shi ne wa za a tambaya: alƙaluman da manhajar ke bayarwa, ko masu kallon da kansu, kuma idan masu kallo ne, ta wace hanya, ƙuri'ar cikin YouTube, ko fom na Google Forms, ko WhatsApp.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe. Lambobinsa ni na tsara su, na zagaye su don lissafi ya yi sauƙi, amma irin matsalar ita ce wadda ake gani kullum.

A ce wata Hajiya ce a Hotoro mai tashar girki. Salonta na da: minti 14, ta yi sallama, ta gaisa da jama'a, ta ɗaga kowane kaya ta faɗi awonsa da baki, gwangwani biyu na shinkafar tuwo, ƙaramin cokali na yis, sannan ta shiga aiki a natse. Ƙaninta da ke tace mata ya kawo sabon salo: minti 7, babu doguwar gaisuwa, yanka da sauri, kiɗa mai sanyi tun daga daƙiƙar farko, awon kaya kuma an rubuta shi a kan allo na ɗan lokaci maimakon ta faɗa.

Kafin a tambayi kowa, sai an daidaita ma'auni. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwatanta jimillar kallon tsohon bidiyo mai wata biyar da na sabo mai kwana goma. Abin da ake yi shi ne a ɗauki bidiyo shida na ƙarshe a tsohon salo da shida na farko a sabo, a duba kwana 7 na farkon kowanne, sannan a jera su a ɗauki abin da ke tsakanin lambobi biyun tsakiya. Kada a tara a raba, domin bidiyo ɗaya da ya tashi ba zato zai iya jan lissafin duka. A kuma duba kalanda. Tashar girki a watan azumi ba ita ce tashar girki bayan sallah ba. Azumin 2025 ya fara ne a farkon watan Maris, kuma a watan Janairun shekarar hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya sauya salo a wannan tsakanin yana da abu uku da suka motsa lokaci guda, ba zai iya ɗora wa salo kaɗai laifi ko yabo ba.

To a ce Hajiya ta tsallake wannan tarko. Ga abin da ta gani. A da, YouTube kan nuna hoton bangonta sau 40,000 a mako na farko, abin da allon ke kira Impressions, kashi 5 cikin ɗari kuma su danna, wato kallo 2,000. Wani 1,000 kuma yana zuwa daga waje, mafi yawa daga WhatsApp, wanda ake gani a ƙarƙashin External a jerin hanyoyin da masu kallo suka biyo. Jimla 3,000. Kowa na kallon kusan minti 5 da daƙiƙa 36, kashi 40 na bidiyon, wato awa 280 gaba ɗaya. A sabon salo an nuna hoton sau 70,000, masu dannawa suna nan a kashi 5, wato 3,500, na waje kuma ya sauka zuwa 700. Jimla 4,200. Ana kallon minti 3 da daƙiƙa 9, kashi 45 na bidiyon, amma da aka tara awanni sai suka tsaya a wajen 220.

Ƙanin yana da gaskiya: kallo ya ƙaru da kashi 40, kuma dannawar da ta tsaya a kashi 5 duk da an nuna wa baƙi da yawa alama ce mai kyau, domin yawanci idan nunawa ta faɗaɗa, kason masu dannawa yakan sauka. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10 ne, don haka 5 ba abin kunya ba ce. Ita ma Hajiya tana da gaskiya: awanni sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, turawa ta WhatsApp ta ragu, kuma a shafin Audience masu dawowa sun yi ƙasa.

Wurin da alƙaluma suka fi kowace hanya ƙarfi shi ne layin da ke nuna inda mutane ke tsayawa da inda suke fita, wanda ake samu a ƙarƙashin Key moments for audience retention kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗora bidiyo. Ba ya mantuwa, ba ya kara, kuma yana ƙirga kowa, har wanda ya fita a fusace bai ce uffan ba. A bidiyoyin Hajiya shida na sabon salo layin yana yin abu iri ɗaya. A daƙiƙa 30 na farko babu wata faɗuwa da ta wuce ta da. Wajen daƙiƙa 40, daidai inda rubutun awo yake fitowa, sai layin ya ɗan yi tozo, alamar ana komawa baya a sake kallo. Da an wuce wurin kuma sai ya gangara sosai, kuma idan aka raba masu kallo gida biyu, gangarar ta fi tsanani ga waɗanda suka daɗe suna bin tashar.

A nan alƙaluma suke tsayawa. Tozon nan yana iya nufin wurin ya burge mutane, yana iya nufin ba su fahimta ba suka koma. Gangarar kuma tana iya zama mutum ya ɗauki hoton awon ya tafi kicin ya gama buƙatarsa, ko ya gaji da ƙoƙarin karantawa, ko saurin yankan ya ishe shi, ko kiɗan ne ya kai shi bango. Bayani huɗu, layi ɗaya. Wanda ya tsaya a kan Studio kaɗai zai zaɓi bayanin da ya fi kwanta masa a rai ne kawai. Akwai kuma abin da Studio ba ya gani sam: bidiyon da aka sauke aka riƙa turawa daga waya zuwa waya, ko wanda masu tura fina-finai suka zuba wa mutum a memori. A Kano wannan ba ƙaramin kaso ba ne na yadda abu ke yawo, amma ba shi da layi a allon.

Sai tambayar mutane. Hanya mafi arha ita ce ƙuri'ar da ake sakawa a shafin Posts na tashar. Tambaya ɗaya, zaɓi kaɗan, dannawa ɗaya, ba sai an bar manhajar ba. Shi ya sa take tara jama'a. Mai tasha ba ya ganin wanda ya zaɓi me, don haka mutane ba sa jin nauyin faɗin abin da bai yi musu ba. Amma tana da rauni biyu, kuma duka manya ne. Na farko, waɗanda ke ganin ƙuri'ar galibi masu bibiyar tashar ne har yanzu, wanda ya riga ya tafi ba zai amsa ba, alhali shi ake nema. Na biyu, ba za ka iya haɗa amsa da mai amsa ba. Za ka san kashi nawa suka ce kaza, ba za ka san ko tsofaffin masu kallo ne ko baƙin jiya ba.

A ce Hajiya ta tambaya: "A sabbin bidiyoyin nan, me ya fi damun ku?" Mutum 420 suka amsa. Kashi 48 suka ce kiɗa, 22 suka ce sauri, 18 suka ce rubutun awo, 12 suka ce babu komai. A ƙasa kuma sharhi ya cika da "Hajiya don Allah a cire kiɗan nan." Duk wanda ya ga haka zai ce an gama, a cire kiɗa. Ita ma haka ta ce wa ƙaninta: "Ka gani ko? Tun farko sai da na faɗa maka." Shi kuma ya juya mata allon: "Yaya, kiɗan tun daƙiƙar farko yake farawa. Da shi ke korar su, da a farkon za su fita. Duba inda suke fita."

Wannan ita ce fa'idar haɗa biyun, kuma ita ce dalilin da ban yarda a dogara da ƙuri'a ita kaɗai ba. Abin da mutum ba ya so daban, abin da ke sa shi fita daban. Mutum zai iya ƙin kiɗa da gaske, ya faɗa da ƙarfi, amma ya daure ya kalli bidiyon har ƙarshe. Tambayar ma da kanta ta ja amsar, domin da aka ce "me ya fi damun ku" an riga an gaya wa mutane cewa akwai abin damuwa, kuma kiɗa shi ne abin da ya fi saurin zuwa baki.

Fom na Google Forms ya fi wahala ga mai amsawa: sai ya danna mahaɗi, ya fita daga YouTube, ya jira shafi ya buɗe da datarsa. Don haka amsoshi kan yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da ƙuri'a. Idan kuma ka kunna Limit to 1 response don hana mutum ɗaya amsawa sau biyar, dole sai ya shiga da asusunsa na Google, kuma da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su ne suka buɗe asusun wayarsu ba, a shago aka buɗe musu ranar da aka sayi wayar a Farm Centre, kalmar sirrin ma ba a san inda take ba. Ni a ƙaramin bincike irin wannan barin sa nake a kashe, in haƙura da 'yan maimaici. Abin da fom ke da shi wanda ƙuri'a ba ta da shi shi ne kowane mutum yana amsa tambayoyi da yawa a layi ɗaya, amsoshin kuma su zuba cikin Google Sheets, sai ka iya raba jama'a kashi-kashi.

Tambayoyin kada su wuce biyar, kuma su fito daga abin da layin nan ya nuna. Wato sai an fara da Studio, an rubuta bayanan da ake zargi, sannan a tsara tambayar da za ta raba tsakaninsu. A kuma tambayi abin da mutum ya yi, domin ya fi abin da yake ji tabbas. Na Hajiya za su iya zama haka: tun yaushe kike kallon tashar, ƙasa da wata biyu ko fiye? Yawanci kina kallo ne kina cikin girki, ko a zaune? A bidiyon sinasir na makon jiya, kin kai ƙarshe, in ba ki kai ba a ina kika tsaya? Kin iya ɗaukar awon kayan daga bidiyon? Kin tura wa wani ɗaya daga cikin sabbin bidiyoyin, in a'a me ya hana? Babu inda aka ambaci kiɗa. Idan yana da nauyi, zai fito da kansa a tambaya ta ƙarshe.

A ce mutum 64 suka cike. Su 38 sun ce suna kallo ne suna cikin girki, kuma 27 daga cikinsu sun ce ba su iya ɗaukar awon ba. A cikin sauran 26 masu kallo a zaune, 5 ne kawai suka ce haka. Mafi yawan masu girkin nan kuma tsofaffin masu kallo ne. Yanzu tozon da gangarar sun sami ma'ana: mace tana tsaye, hannunta a cikin ƙullu, wayar tana jingine da gwangwanin gishiri, a da kunnenta ke ɗaukar awon, yanzu sai ta wanke hannu, ta koma baya, ta tsayar, ta karanta. Ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu, ta nemi wata tashar.

Kada dai a ɗora wa mutum 64 abin da ba za su iya ɗauka ba. Ƙa'idar da ake amfani da ita a sauƙaƙe, inda n ke nufin yawan amsoshi, ita ce:

```
kuskure ≈ 1 / √n
```

Da amsa 100, sakamako na iya kaucewa da maki 10 sama ko ƙasa, da amsa 400 kuma maki 5. Da 64 ya kai maki 12 da rabi, idan an raba su gida biyu kuma ya fi haka. Wannan ma idan an zaɓo mutanen ne ba tare da son rai ba, alhali masu cike fom su suka kawo kansu. Saboda haka tazara irin ta 27 cikin 38 da 5 cikin 26 tana da girman da za a saurare ta, musamman da ta dace da layin Studio. Amma da a ce 55 da 45 ne cikin ɗari, ni ba zan canza ko tsinke a kansa ba.

WhatsApp ita ce hanyar da ta fi kusa da hannun mutanenmu, kuma ita ce ta fi yaudara idan ba a iya ta ba. Ƙuri'ar cikin guruf tana ɗaukar zaɓi har 12, amma kowa yana iya ganin wanda ya zaɓi me. A guruf ɗin da Hajiya take ciki, wanda rabinsa 'yan uwa ne da ƙawayen Islamiyya, wa zai danna "bai yi ba" sunansa ya fito? Kara za ta cinye binciken, a tashi da "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" guda tamanin. Ni ban ga amfanin ƙuri'ar guruf a irin wannan tambaya ba.

Saƙon murya zuwa ga mutum ɗaya-ɗaya kuwa wani abu ne daban. Shi ne kaɗai hanyar da ke kaiwa ga wadda ba ta saba da rubutun boko ba, kuma shi ne kaɗai ke iya kamo wanda ya riga ya daina kallo, in dai akwai lambarsa. A zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyar, rabi masu ci gaba da turawa, rabi waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu. Ya fi kyau wani ya yi tambayar, ba mai tashar ba, domin ana faɗa wa ɗan aike abin da ba a faɗa wa mai abu. Ba a fitar da kaso daga nan, mutum goma sha biyar ba ƙididdiga ba ce. Abin da ake nema shi ne dalilin da bai zo wa kowa a rai ba balle a sa shi cikin fom.

A misalinmu, a ce wata dattijuwa ta amsa wa ƙanin: "Ɗan nan, ni fa ƙasa nake sa hoton saboda data, rubutun naku dishi-dishi nake ganinsa." Wato tana kallo a 144p ko 240p, inda ƙananan haruffa ke narkewa, shi kuwa mai tacewa a babban allo ya duba aikinsa ya ga tas. Wata kuma ta ce ita kiɗan bai hana ta kallo ba, amma ba za ta tura shi guruf ɗin gidansu ba, akwai Baba a ciki. Ga kiɗan nan ya dawo, amma a wani gurbi: bai shafi tsayawa a kan bidiyo ba, turawa ya shafa, kuma yana iya zama shi ya sauke kallon waje daga 1,000 zuwa 700. Ashe masu ƙuri'ar nan kashi 48 ba ƙarya suka yi ba, lambar da maganarsu ta taɓa ce ba a duba ba.

To wanne za a zaɓa? Ya danganta da wace lamba ce ta motsa. Idan matsalar a dannawa take, wato hoton bango ko take, kada ka wahalar da kowa da tambaya. Ba wanda zai iya tuna dalilin da bai danna hoton da ya gilma masa na daƙiƙa biyu ba. Studio yana da Test & Compare, inda za ka sa hotunan bango har uku ya gwada su a kan masu kallo na gaske, kuma wannan ya fi ra'ayin kowa. Idan kuma nunawar ce ta faɗi ko ta tashi, ka fara duba hanyoyin shigowa, ko Browse features ne, wato shafin farko na YouTube, ko Suggested videos, wato bidiyoyin da yake jerawa kusa da wanda ake kallo, ko YouTube search, domin sau da yawa labarin a can yake. Tambayar mutane tana da amfani ne idan sun shigo sannan suka fita a wani wuri takamaimai, ko suka daina dawowa, ko suka daina turawa.

A irin wannan halin, idan lokaci ko ƙarfi bai kai a yi duka ba, ni fom da saƙon murya zan ɗauka in bar ƙuri'a, duk da ita ce mai yawan jama'a. Tashar da ba ta da masu kallon da za su cike fom hamsin kuwa, ta haƙura da fom ɗin, ta yi saƙon murya kawai ta ajiye shi gefen layin Studio. Ƙuri'a takan yi amfani daga baya, idan an riga an san dalili ana son zaɓi tsakanin gyara biyu, misali a faɗi awo a farko gaba ɗaya ko a riƙa faɗa a lokacin zuba kowane kaya.

Duk abin da aka samu zuwa nan zato ne mai ƙarfi, bai zama tabbas ba sai an gwada, kuma gwajin abu ɗaya ake taɓawa. Idan Hajiya ta cire kiɗa ta kuma dawo da faɗin awo a rana guda, lambobi suka gyaru, ta koma inda ta fara, ba ta san wanne ya yi aiki ba. Don haka bidiyo uku masu zuwa za ta faɗi awon da baki, a ƙara girman rubutun, a bar kiɗan da tsawon minti 7 yadda suke, a rubuta tun kafin a ɗora abin da ake sa ran gani: tozon daƙiƙa 40 ya kwanta, gangarar bayansa ta yi sauƙi, kallon WhatsApp kuma ya tsaya inda yake. Uku na bayansu sai a cire kiɗan a zuba wa layin External ido. Shi kuma ƙanin, kafin ya miƙa kowane bidiyo, ya tura shi ƙaramar waya, ya sauke hoton zuwa 240p, ya jingine ta a kan tebur, ya ja da baya taku biyu ya ga ko zai iya karanta "gwangwani biyu".